Sakan Ɗaya ko Sakan Uku? Yadda Ake Kama Kuskuren Alama a Lissafin Motsi

Ga wata tambaya irin wadda ɗaliban fiziks na babbar sakandare suka saba gani tun kafin su zauna jarrabawar WAEC ko NECO. Yaro yana tsaye a saman bene, ya jefa dutse sama tsaye da gudun mita 10 a sakan. Daga inda dutsen ya bar hannunsa zuwa ƙasa mita 15 ne. Dutsen ya tashi, ya juyo, ya wuce ta gefen benen ya faɗi ƙasa. Sakan nawa ya yi a iska, kuma da wane gudu ya daki ƙasa?

Ba wuya a samu ɗalibai biyu a aji guda, ɗaya ya ce sakan 1, ɗaya ya ce sakan 3. Idan ka karɓi takardunsu za ka tarar dukansu sun zaɓi ƙa'idar da ta dace, kuma babu wanda ya yi kuskuren tarawa ko ninkawa. Wani abin ma, dukansu sun samu gudun faɗuwa iri ɗaya, mita 20 a sakan. Duk bambancin da ke tsakaninsu bai wuce ɗan gajeren layin nan da ake sawa gaban lamba ba, wato alamar ɗebewa. Ɗaya ya sa ta inda ya kamata, ɗaya ya manta da ita.

Irin wannan kuskure ya fi na lissafi wuyar kamawa, domin mai shi ko ya sake bin aikinsa layi-layi ba zai ga aibu ba. Ɓarnar ta auku ne tun kafin a soma lissafin, a lokacin da ake mayar da labarin dutsen zuwa lambobi. Saboda haka maganinsa ma ba a cikin sake danna kalkuleta yake ba. Sai an ɗauki amsar an mayar da ita labari, an ga ko dutse na gaske zai iya yin abin da lambar ta ce.

Abin da alamar take faɗa

Ƙa'idojin da ake magana a kansu guda huɗu ne, kuma ga su kamar yadda ake rubuta su a allo:

v = u + at
s = ut + ½at²
v² = u² + 2as
s = ½(u + v)t

Harafin u shi ne gudun farko, v gudun ƙarshe, t kuma lokacin da aka ɗauka. Harafin a shi ne sauyin gudu, wato yawan abin da gudun yake canzawa da shi a kowane sakan. Harafin s kuwa shi ne gusawa: tazarar da ke tsakanin inda abu ya soma da inda ya ƙare, ba tare da la'akari da kewayen da ya yi a tsakani ba. Sharaɗin ƙa'idojin duka shi ne a ya tsaya a kan lamba ɗaya tun daga farkon motsin har ƙarshensa. Abin da ke faɗuwa a kusa da doron ƙasa ya cika wannan sharaɗi matuƙar iska ba ta yi masa tasiri sosai ba, domin jan ƙasa yana ƙara masa gudun kusan mita 9.8 a sakan a kowane sakan. A jarrabawa galibi akan ce a ɗauka 10 ne don sauƙi, mu ma haka za mu yi.

A cikin haruffan nan biyar, huɗu suna da fuskar da suka nufa. Gudu yana iya zama na sama ko na ƙasa, gusawa ma haka, sauyin gudu ma haka. Lokaci ne kaɗai ba shi da fuska. To takarda ba ta san sama da ƙasa ba, lamba kawai ta sani, shi ya sa ake amfani da alamar tarawa da ta ɗebewa don nuna fuskar. Mai lissafi shi ke zaɓar wace fuska ce za ta ɗauki alamar tarawa, kishiyarta kuma ta ɗauki ta ɗebewa. Kamar mutum biyu ne da ke fuskantar juna, damar wannan ita ce hagun wancan, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma idan za su kwatanta wa baƙo hanya dole su tsaya a kan hannun mutum ɗaya. Ka zaɓi sama ko ka zaɓi ƙasa, duk daidai ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka auna gudu da zaɓi ɗaya, ka auna gusawa da wani zaɓin.

Bari mu zaɓi sama ta zama fuskar tarawa, mu zana ƴar kibiya a gefen takarda don kada mu manta. An jefa dutsen sama, saboda haka u = +10. Jan ƙasa yana jan sa ƙasa, saboda haka a = −10. Ya ƙare a mita 15 ƙasa da inda ya soma, saboda haka s = −15. Idan aka zuba su a ƙa'ida ta biyu za a samu:

−15 = 10t − 5t²

In an gyara jerin, a raba da 5, sai ta zama t² − 2t − 3 = 0, wadda take ba da t = 3 ko t = −1. Amsar da muke nema ita ce sakan 3. Gudun faɗuwa kuma, daga ƙa'ida ta farko, 10 − 30 ne, wato −20. Alamar ɗebewar nan ba ta nufin gudun ya gaza sifili ko wani abu mai kama da haka. Cewa kawai take yi dutsen ƙasa ya nufa lokacin da ya iso.

Shi kuma mai sakan 1 ga abin da ya yi. Ya karanta tambayar ya kwashe lambobin yadda ya gan su: 10 na gudu, 10 na jan ƙasa, 15 na tsawo, duk ba alama. Ya samu 15 = 10t + 5t², ya warware ta daidai, t ya fito 1. Lambobi ukun da ya sa suna fuskantar waje guda, kuma tunda jan ƙasa da faɗuwa duk ƙasa suka nufa, ba tare da ya sani ba ya ce gudun farko ma ƙasa ya nufa. Ya amsa wata tambaya ce dabam: ta yaron da ya jefa dutsen ƙasa kai tsaye.

Binciken da ba ya bukatar kalkuleta

Da ya tsaya ya yi wa amsarsa tambaya ɗaya, da ya kama kansa. A ce yaron bai jefa dutsen ba, sakin sa kawai ya yi. Lokacin faɗuwa zai fito daga 15 = 5t², wato t² = 3, kimanin sakan 1.7. Dutsen da aka fara aikawa sama ba zai taɓa riga wanda aka saki kawai isa ƙasa ba. Don haka duk amsar da ta gaza sakan 1.7 ta faɗi tun kafin a duba yadda aka samo ta. Wannan ita ce dabarar farko, kuma a ganina ita ce ta fi kowace amfani: nemo wani yanayi mai sauƙi da ka san amsarsa, ka tambayi kanka ko amsarka ya kamata ta fi shi ko ta gaza shi.

Dabara ta biyu ita ce bin dutsen sakan bayan sakan, kamar mai ba da labari. Ya bar hannu da gudun 10. Jan ƙasa yana cire 10 a kowane sakan, don haka bayan sakan ɗaya gudunsa sifili ne, ya kai ƙololuwa. A cikin wannan sakan matsakaicin gudunsa 5 ne, rabin hanya tsakanin 10 da sifili, ya hau mita 5 ke nan. A sakan na biyu ya sauko mita 5 ɗin nan, ya dawo daidai hannun yaron da gudun 10, amma yanzu ƙasa ya nufa. A sakan na uku gudunsa ya tashi daga 10 zuwa 20, matsakaicinsa 15, ya ci mita 15, ya daki ƙasa. Sakan uku cif. Kuma a nan ne ake ganin inda sakan 1 ɗin ɗalibin ya fito: shi ne zangon ƙarshe na tafiyar. Ya tsallake sakan biyu na hawa da dawowa.

Wannan bin labari yana bayyana abin da ya sa su biyun suka samu gudun faɗuwa ɗaya, kuma akwai darasi babba a ciki. Dutsen da aka jefa sama da gudun 10 yana dawowa wurin da gudun 10 ƙasa, daga nan tafiyarsa ba ta da bambanci da ta wanda aka jefa ƙasa. A ƙa'ida ta uku ma haka abin yake, domin u ana ninka shi ne da kansa, kuma +10 da −10 duk 100 suke bayarwa. Ƙa'idar v² = u² + 2as makauniya ce game da fuskar gudu. Wanda ya yi amfani da ita don tabbatar da amsarsa zai ga 20 ta fito ya samu natsuwa, alhali ita ba ta da ikon ganin kuskuren da ya yi. Sannan idan ta ba ka v² = 400, lambobi biyu ne suke cika wannan, +20 da −20. Kalkuleta ta farkon kawai take nunawa. Kai ne za ka duba labarin ka ce dutsen ƙasa ya nufa, ka zaɓi −20.

Tunda an ambaci kalkuleta, akwai wani tarko nata da ke cin ɗalibai. Idan ka danna −20² ba tare da baka ba, kalkuletar kimiyya za ta ba ka −400, domin tana ninka 20 da kanta tukuna sannan ta maƙala alamar. Sai ka rubuta (−20)² kafin ka samu 400.

Lambobin da suka fito a labarin dutsen suna da tarihi. Abin da aka saki daga tsaye yana cin mita 5 a sakan na farko, 15 a na biyu, 25 a na uku, 35 a na huɗu, wato suna tafiya kamar 1, 3, 5, 7. Galileo Galilei, masanin ƙasar Italiya, ya bayyana wannan tsari a littafinsa na ƙarshe da aka buga a birnin Leiden a 1638. Ba shi da agogon da zai kama faɗuwar dutse, sai ya riƙa gangara ƙwallon tagulla a kan katako mai gangare don motsin ya yi sanyi, yana auna lokaci ta hanyar awon nauyin ruwan da ya zubo daga wani mazubi. Ɗalibin da ya riƙe 5, 15, 25, 35 a ka yana da ma'aunin da zai gwada kusan kowace amsar faɗuwa da shi cikin ƙiftawar ido.

Dabara ta uku ita ce a shiga da amsar ta ƙofar da ba a bi ba. Mun samo t da ƙa'ida ta biyu, v da ta farko. Ta huɗu ba mu taɓa ta ba, kuma tana da kyau wajen bincike domin ba ta ninka gudu da kansa, saboda haka tana ganin alama. Tara +10 da −20 ya ba da −10, rabinsa −5, a ninka da 3 ya ba da −15. Gusawar da muka soma da ita ke nan, har da alamarta. Da mun ɗauki v a matsayin +20, da mun samu +45, wato dutsen yana can sama da benen da mita 45, abin da kowa ya san ba haka ba ne.

Wanda yake da sauran lokaci yana iya juya kibiyar gaba ɗaya ya sake aikin. Ƙasa ta zama fuskar tarawa: u = −10, a = +10, s = +15. Lissafin zai zama 15 = −10t + 5t², kuma in an gyara shi zai koma t² − 2t − 3 = 0 ɗin nan dai. Lokaci bai canza ba, gudun ƙarshe ya zama +20 maimakon −20, ma'anarsu kuwa ɗaya ce. Ka lura dukan alamomin ukun ne suka juya tare. Idan ka juya kibiya amsar lokaci ta canza, to akwai alamar da ka sa ba daidai ba a ɗaya daga cikin ayyukan biyu.

Sauran ramukan da ke cikin tambayar

Akwai ɗalibi na uku, wanda ya fi na farko lura. Ya sa u = +10, ya sa a = −10, amma da ya zo kan tsawo sai ya rubuta s = +15, domin a tunaninsa tsawon bene ba ya zama ƙasa da sifili. Gaskiya ne tsawon bene ba ya zama haka, amma s ba tsawon bene ba ne, matsayin dutsen ne idan aka auna daga hannun yaron. Lissafinsa zai kai shi ga t² − 2t + 3 = 0, kalkuleta kuma ta ƙi ba shi amsa, domin babu wani lokaci na gaske da ya cika wannan. Da yawa a nan sukan ɗauka tambayar ce ba daidai ba, ko su share alamar da ta dame su a tsakiyar aiki don lamba ta fito. Alhali ƙin amsar nan gaskiya yake faɗa. Ɗalibin ya tambaya ne yaushe dutsen zai kai mita 15 sama da hannun yaron, dutsen kuwa iyakarsa mita 5. Duk lokacin da lissafin motsi ya cije haka, wurin da za a fara dubawa shi ne alamar s da ta a.

Wani kuma yakan tara duk tafiyar, 5 na hawa, 5 na dawowa, 15 na faɗuwa, ya sa s = 25. Mita 25 shi ne nisan da dutsen ya yi tafiya, kuma idan nisan aka tambaya amsar ke nan. Amma ƙa'idojin ba su san nisa ba, gusawa suka sani. Muddin abu ya juya a tsakiyar tafiyarsa, nisa da gusawa sun rabu, kuma hanyar samun nisa ita ce a raba tafiyar a wurin juyawar a lissafa kowane zango dabam.

Wurin juyawar kansa yana da nasa ruɗanin. A ƙololuwa gudun dutsen sifili ne, sai wasu su ce sauyin gudun ma sifili ne a wurin, wasu kuma su ce a yana da alamar ɗebewa wajen hawa, ya koma ta tarawa wajen saukowa. Duka biyun ba haka ba ne. Ƙasa ba ta daina jan dutsen don ya kai ƙololuwa, ba ta kuma sauya inda take jan sa. Da a ya zama sifili a lokacin da gudu yake sifili, da dutsen ya tsaya cak a sararin sama bai sauko ba. Gudun ne yake bi ta sifili daga +10 zuwa −10, shi kuwa a yana nan a −10 tun daga hannu har ƙasa. Shi ya sa ma ake iya lissafa hawa da saukowa a layi ɗaya.

Saura t = −1 da muka ajiye a gefe. Ana jefar da ita ne don labarinmu ya soma daga lokacin jifa, amma ba shirme ba ce. Da a ce an harbo dutse daga ƙasa da gudun mita 20 a sakan, sakan ɗaya kafin jifan yaron, da ya iso daidai saman benen da gudun 10 yana hawa, ya ci gaba da bin hanyar dutsenmu sak. Lissafin bai san da hannun yaron ba, ya miƙa motsin baya har inda ya taɓa ƙasa. Wannan ma yana taimakawa wajen bincike: mai sakan 1 ya samu 1 da −3, mu mun samu 3 da −1. Lambobi ɗaya ne suka yi musayar alama, wanda shi ne sawun da juya alamar u yake bari.

Mota da birki

A kan titi kuskuren yana ɗaukar wata siffa, kuma tushensa wata fahimta ce da ta zauna a kawunan ɗalibai da yawa, cewa alamar ɗebewa a kan a tana nufin raguwar gudu. Wani lokaci haka ne, wani lokaci akasin haka. Dutsenmu a sakan na uku yana da a = −10 alhali gudunsa ƙaruwa yake yi.

Ɗauki mota a hanyar Kano zuwa Zariya tana gudun kilomita 72 a awa. Kafin komai sai an mayar da wannan zuwa mita a sakan ta hanyar rabawa da 3.6, ya zama 20. Direba ya taka birki, gudun yana raguwa da mita 5 a sakan a kowane sakan. Idan muka ɗauki inda motar ta nufa a matsayin fuskar tarawa, u = +20, a = −5. Za ta tsaya bayan sakan 4, ta ci mita 40.

Wanda ya manta alamar zai lissafa 80 + 40 ya samu mita 120. Gwada shi da yanayi mai sauƙi: da ba a taka birki ba sam, motar za ta ci mita 80 ne a sakan 4. Ba yadda za a yi mai taka birki ya wuce wanda bai taka ba. Amsar dole ta kasance ƙasa da 80, kuma tunda gudun ya sauka a hankali ɗaya daga 20 zuwa sifili, rabin 80 ne daidai. Akwai kuma mai sa alamar sau biyu. Ya haddace cewa idan abu yana rage gudu ana rubuta v = u − at, sannan ya zo ya sa a = −5 a ciki, ɗebewa biyu suka haɗu suka zama tarawa, motar da ake taka wa birki ta ƙare da gudun 40. Ni dai shawarata ita ce a bar haddace ƙa'idoji kala biyu, na ƙaruwa da na raguwa, na hawa da na sauka. A riƙe huɗun nan da alamar tarawa yadda suke, alamar fuska ta shigo ta cikin lambobi kaɗai.

Yanzu a ce tambayar ta riga ta ɗauki wajen Kano a matsayin fuskar tarawa, motar kuwa Zariya ta nufa. Gudunta ya zama −20. Birki yana tura ta ne kishiyar inda ta nufa, wato wajen Kano, saboda haka a = +5. Ga mota tana rage gudu da a mai alamar tarawa. Abin dubawa ashe ba alamar a ita kaɗai ba ce, alaƙarta ce da alamar gudu. Idan alamominsu iri ɗaya ne, abin yana ƙara gudu. Idan sun saɓa, yana ragewa. Da wannan kaɗai ana iya tantance lambobin da aka fitar daga tambaya kafin a taɓa kalkuleta: labarin ya ce an taka birki, to u da a sun saɓa a takardata ko kuwa?

Ga direba na gaske, mita 40 ɗin nan ba shi ne duka ba. Ƙa'idar tana soma aiki ne daga lokacin da birki ya kama. Idan ya ɗauki sakan ɗaya tsakanin ganin abu a titi da taka birki, motar ta riga ta ci mita 20 da cikakken gudunta, jimla 60. Zango biyu ne masu a daban-daban, sifili a na farko, −5 a na biyu, kuma ba a haɗa su a layi ɗaya.

Tarkon da ya fi kowanne kyau a wannan fanni shi ne a tambaye ka ina motar take bayan sakan 6 da taka birki. Ka sa kowace alama daidai, ka lissafa 120 − 90, ka samu mita 30. Babu kuskuren alama, babu na lissafi, amma amsar ba daidai ba ce. Motar da ta kai mita 40 a sakan na huɗu, ta yaya za ta koma mita 30 a na shida? Nemo gudun a wannan lokaci: 20 − 30, wato −10. Lissafin yana cewa motar ta tsaya sannan ta kama ribas da kanta tana ƙara gudu. Birki ba ya yin haka. Yana cin gudu ne har ya ƙare, daga nan aikinsa ya tsaya, a ya koma sifili. Sharaɗin da aka gina ƙa'idojin a kai ya karye a sakan na huɗu, saboda haka duk abin da suka faɗa bayan nan ba na wannan motar ba ne.

Abin da ya raba wannan da dutsen shi ne musabbabin sauyin gudun. Jan ƙasa yana ci gaba bayan abu ya tsaya, don haka gudu mai alamar ɗebewa a lissafin dutse gaskiya ne. Haka ma ƙwallon da aka tura sama a kan gangare mai santsi da gudun mita 4 a sakan, gangaren yana rage masa 2 a kowane sakan: bayan sakan 2 ya tsaya a mita 4, bayan sakan 3 gudunsa −2 ne yana mita 3, yana gangarowa baya, kuma wannan abu ne da ido zai gani. Birki da gogayyar taya da kwalta kuwa suna ƙarewa ne tare da motsin. Don haka a duk tambayar da abu yake rage gudu kuma aka ba ka lokaci, fara nemo lokacin tsayawa ta hanyar sa v = 0. Idan lokacin da aka tambaya ya wuce shi, sai ka duba ko abin da ke rage gudun yana da ikon mayar da abin baya. A tambayar motar ba shi da shi: ta tsaya a sakan na huɗu, kuma a sakan na shida tana nan a mita 40, gudunta sifili.